Jinjirin wata uku a cikin gafaka

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Zamanin Sarki Ɗan Tanoma ne, garin kuwa yana ƙarƙashin inuwar Borno, kuma kasuwarsa ta yi suna da kanwa. A nan Gumel ne wani ƙunshin wasiƙu daga Tarabulus da Turai ya riske shi, bayan ya yi watanni bai ji ɗuriyar gida ba. Makonni kaɗan kafin haka, da yake lissafa hajar da ke shigowa kasuwar Kano daga arewa, ya ambaci wata takarda mai tambarin wata uku, wadda ya ce ana shigo da ita da yawa, tana da nauyi ga raƙumi, amma tana da araha ga mai sayen sari. Ya kuma faɗi abin da ake yi da mafi yawanta, wato naɗe tufafin da aka rina. Har yau wanda ya sayi turkuɗi daga masu rini na Kura a cikin takarda zai karɓe shi, don kada shunin ya goge.

Wannan bayanin ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Takardar da aka yi a gindin duwatsun arewacin Italiya ta ƙetare teku, ta hau raƙumi, ta ratsa Sahara, ta iso ƙasar Hausa da arhar da har ake ƙunshe rawani da ita. Amma sana'ar yin ta ba ta biyo ta ba. Ƙasar da ta iya saƙa da rini da jima da ƙira, har kayanta suka kai Tarabulus da Timbuktu, ba ta kafa masana'antar takarda ba sai a ƙarni na 20. Tarihin takarda tarihin tafiya biyu ne, ta haja da ta sana'a, kuma gudunsu ba ɗaya ba ne. Haja tana tafiya da saurin ayari. Sana'a kuwa sai ta sami inda za ta zauna ta ci abinci.

Ko sunan da muke kiran ta da shi ya isa shaida. Kalmar takarda daga bakin Buzaye muka karɓe ta, su kuma tasu tana komawa ga tsohuwar kalmar Girkawa da Rumawa ta abin rubutu, tushen da ya haifi ƙirɗasi a Larabci. Daga wurinmu Yarabawa suka ɗauka, suna cewa takada. Barebari kuwa kakkadu suke cewa, daga kagad na Larabci, wanda Larabawa suka aro daga mutanen Farisa. A ƙasar Gumel, inda Mangawa da Hausawa suka cakuɗe tun kafuwar masarautar, kalmomin nan biyu sun yi kiciɓis: ɗaya ta biyo hanyar Azbin, ɗaya ta biyo hanyar Bilma da Tafkin Chadi. Duka biyun sunayen baƙuwar haja ne.

Kafin a fahimci dalilin da sana'ar ta tsaya a can, sai an san yadda aikin yake. Tarihin gidan sarautar Han na ƙasar Sin ya ce a shekara ta 105 wani bafade mai suna Tsai Lun ya gabatar wa sarki takarda da aka yi da ɓawon itace da ragowar igiyar rama da tsummoki da tsofaffin komayen masunta. Masu haƙar kayan tarihi sun tono guntayen takarda da suka girme shi da ƙarni biyu ko fiye, saboda haka abin da ya fi dacewa a ce shi ne ya kyautata sana'ar ya kuma shigar da ita fada. Asalin dabarar ba ta canja ba tun daga lokacin. Ana jiƙa tsumma ko ɓawo har ya ruɓe ya yi laushi, a daka shi har zarensa ya warware ya koma kamar ƙullun koko, a zuba a babban kwarya ko kwatarniya cike da ruwa. Sai mai aiki ya tsoma wata rariya mai kusurwa huɗu ya ɗago ta a kwance, ya girgiza ta gaba da baya, hagu da dama, don zaren ya sarƙe da juna yayin da ruwan ke tsiyayewa. Abin da ya rage a kan rariyar shi ne falle. A kifa shi, a danne tarin fallayen don matse ruwa, a shanya. Babu wani manne a ciki. Zaren ne da kansa ke kama juna idan ya bushe. Amma takardar da ta tsaya a haka tana shan tawada kamar auduga, don haka sai an shafe ta da wani abu mai toshe ƙofofinta, sannan a goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan masu bugu ya ga yadda turkuɗi ke ɗaukar ƙyalli a ƙarƙashin itace zai gane wannan matakin na ƙarshe.

Takardar ta riga sana'ar fita daga Sin da ɗaruruwan shekaru. A 1907 Aurel Stein ya tsinci wata jakar wasiƙu a kangon hasumiyar tsaro kusa da Dunhuwan, waɗanda fataken Sugudu, mutanen yankin Samarƙandi, suka rubuta a wajajen shekara ta 313, kuma a kan takarda suka rubuta su. Ke nan 'yan kasuwar Asiya ta Tsakiya sun san takarda tun kafin Musulunci. Wannan ne ya sa labarin da aka fi yaɗawa yake buƙatar a riƙe shi da hannu biyu. Labarin ya ce a yaƙin Ɗalas na 751, tsakanin rundunar Abbasiyawa da ta Sin, an kama fursunoni masu sana'ar takarda aka kai su Samarƙandi, daga nan sirrin ya fita. Sa'alabi ne ya fi yaɗa shi, shi kuwa ya rayu fiye da shekara 250 bayan yaƙin. Jonathan Bloom, wanda ya rubuta littafi a kan tarihin takarda a duniyar Musulmi a 2001, ya nuna cewa takardar Samarƙandi da ta Bagadaza galibi ta tsumma ce, alhali Sinawan wancan zamani sun fi dogara ga ɓawon itace. Idan fursunoni ne suka koyar da sana'ar a rana ɗaya, da an ga hannunsu a kayan aikin. Ni dai na fi gamsuwa da cewa ta daɗe tana rarrafe daga zango zuwa zango, tana sauya kayan haɗi gwargwadon abin da ta tarar. Labarin fursunoni ya fi daɗin faɗa ne kawai, kuma mu 'yan jarida mun san yadda irin wannan ke korar wanda ya fi shi gaskiya.

Abin da ya zaunar da ita a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Haruna Rashid, ofis ne. Ibn Khaldun ya ce fata ta kasa wadatar da rubuce-rubucen gwamnati da na malamai, sai Fadlu ɗan Yahaya na gidan Barmak ya ba da shawarar a riƙa yin takarda. Tana da wata fa'ida da ma'aikatan haraji ba su raina ba: tawada tana nutsewa a cikinta, wanda ya yi ƙoƙarin kankare adadi sai ya bar tabo, alhali fata ana iya kankare ta a sake rubutu. Daula mai dubban magatakarda ita ce kasuwar da ke iya ciyar da masana'anta kullum. Daga nan sana'ar ta bi manyan birane zuwa Dimashƙu da Masar, inda ta kashe tsohuwar sana'ar fallen bardi, ta wuce Fas, ta ƙetara Andalus. A tsakiyar ƙarni na 12 Idrisi yana yabon takardar garin Shaɗiba, yana cewa ana kai ta gabas da yamma. Daga Tsai Lun zuwa Shaɗiba an ci shekara dubu da ɗoriya.

A ƙarni na 13 ta isa Fabriyano a tsakiyar Italiya, kuma a can aka yi mata canje-canje uku da suka juya kasuwar duniya. Na farko, aka ɗora aikin daka a kan ƙarfin kogi: ruwa na juya ƙafa, ƙafar na ɗaga jerin taɓare masu bakin ƙarfe suna faɗawa turame dare da rana. Na biyu, maimakon sitacin alkama ko na shinkafa da masu sana'ar ƙasashen Musulmi ke shafawa, wanda ƙwari ke so, sai aka koma tsoma takardar a ruwan danƙon da ake samu daga dafa guntayen fata, irin wanda ke sa romon ganda ya daskare idan ya kwana. Na uku, aka yi rariyar da wayar ƙarfe, aka ɗinka mata wani ɗan zane na waya a kai. Inda zanen yake, ƙullun ba ya taruwa da kauri, don haka idan an ɗaga fallen ga haske sai a ga hoton a cikin jikinsa, kamar wanda muke dubawa a takardar kuɗi. Wannan tambarin ya bayyana tun wajajen 1282.

Takardar Italiya ta fi araha, ta fi ƙarko, sai ta juyo da baya ta mamaye kasuwannin waɗanda suka koya wa Turai sana'ar. A 1409 aka tambayi Ibn Marzuƙ, babban malamin Malikiyya a Tilimsan, ko ya halatta a yi rubutu a kan takardar Nasara, wadda hannunsu ya taɓa tana jiƙe, wani lokaci ma da gicciye a tambarinta. Fatawarsa, wadda Wansharisi ya adana a cikin Mi'iyar, ta halatta, kuma cikin hujjojinta akwai lalura: a da ana yin takarda a Tilimsan amma an daina, kuma daga Tarabulus zuwa can ta Rumawa kowa ke amfani da ita, sai Fas da Andalus kaɗai suka rage da tasu. A lura da shekarar. Wannan kusan shekara tamanin ne kafin Magili ya zo Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Lokacin da ƙasar Hausa ta fara buƙatar takarda da gaske, sana'ar tana mutuwa a garuruwan da ayarinmu ke zuwa. Bafataken Gadamas bai bar wani maƙwabci mai yin takarda a gida ba, balle ya taho da shi.

Ana yawan cewa rashin ruwa ne ya hana. Ga wanda ya tashi a ƙasar Gumel, inda babu kogi mai gudu kuma guga ke cin igiya mai tsawo kafin ta taɓa ruwa, wannan hujja tana da ƙarfi, don aikin takarda yana shan ruwa mai tsabta fiye da kima. Sai dai Haɗeja na nan kusa da koginta, ga Gulbin Sakkwato, ga Kwara. Zare ma ba a rasa ba, ga rama ga auduga. A ganina abin da ya yanke hukunci lissafin kasuwa ne. Karatun yaro a ƙasar nan a kan allo yake, a rubuta a wanke a sake, shekara da shekaru ba a taɓa falle ɗaya ba. Wasiƙun sarakuna gajeru ne, shari'a da haraji kuwa mafi yawansu a baki da shaidu suke tafiya. Masu buƙatar takarda sosai su ne malamai masu kwafar littafi da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani, sai masu rini. Wannan buƙata ayari na iya biyan ta. Wa zai kashe dukiya ya gina turame da kwatarniya don ya yi gasa da abin da ya riga ya yi arhar naɗe rawani?

Su kuwa masu masana'antun yankin Benis, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya, sun san abokan cinikinsu. Takardar da za ta tafi daular Usmaniyya da Afirka ba a sa mata gicciye. Jinjirin wata uku ake jerawa, babba da matsakaici da ƙarami, ko kuma wata mai fuskar mutum a cikin garkuwa. A ƙarni na 19 gidan Galvani, mai masana'anta kusa da garin Pordenone, shi ya fi kowa cika kasuwannin nan. Daga jirgin ruwa a Tarabulus, kayan su bi ta Gadamas da Gat da Azbin su sauko Damagaram su shiga Kano, ko su bi ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa. Gumel tana kan hanyar da ta haɗa bakin waɗannan hanyoyi biyu, saboda haka malaminta na iya samun falle daga yamma ko daga gabas, duk da cewa a wuri ɗaya aka yi su.

Ban san daɗin wannan ilimi ba sai da na gwada shi a gida. Wani kawuna, alaramma ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, yana da Alƙur'ani rubutun hannu da ya gada, fallaye a sake ba ɗinki, kamar yadda ake yi a ƙasar nan, cikin tadarishi, tadarishin kuma cikin gafaka. Abin da aka gada tare da shi shi ne cewa a Birnin Gazargamu aka rubuta shi, ya haura shekara ɗari huɗu. Wata rana da na kai masa gaisuwa na roƙi izinin dubawa. Ya sa na sake alwala, ya shimfiɗa sabon buzu, ya ce, "Ɗan nan, a hankali, ba jaridarku ba ce."

Ga yadda ake yi, kuma ba ya buƙatar komai sai ɗaki mai ɗan duhu da fitilar waya. A ɗauki falle da hannu biyu, a haska shi daga baya, fitilar na nesa kaɗan. Abu na farko da za a gani layuka ne sirara, a matse da juna kamar saƙar asabari, waɗanda su ne sawun wayoyin rariya. Sai wasu layukan da suka gitta su, tsakaninsu kusan faɗin yatsa biyu. Takardar inji ta zamani ba ta da wannan, sai dai wadda aka yi wa na kwaikwayo. A fallayen kawu, layuka masu tazarar nan a kwance suke, ba a tsaye ba. Ma'anar haka ita ce an ninka babban fallen asali sau biyu aka yanka shi gida huɗu. Wannan yana da muhimmanci, domin mai rariya yana ɗinka babban tambari a tsakiyar rabi ɗaya, sunan masana'anta kuma a tsakiyar ɗaya rabin, kuma ninki na biyu daidai kan su yake bi. Saboda haka ba za a sami cikakken hoto a falle ɗaya ba, sai rabi a gefe. Wanda bai san haka ba zai duba tsakiya ya ce babu tambari.

Na ɗauki lokaci ina gwada gefe da gefe, ina mayar da kowane falle inda na ɗauko shi, don a littafin da ba shi da lambar shafi kalmar da marubuci ya rataya a ƙasan falle ce kaɗai ke nuna wanda ke biye. Daga ƙarshe biyu suka haɗu, sai ga wata mai fuska a cikin garkuwa. Wasu biyun kuma suka ba da rubutun boko mai lanƙwasa: Andrea Galvani Pordenone.

An haifi Andrea Galvani a 1797, ya rasu a 1855, kuma masana'antar ta ci gaba da sa sunansa shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Birnin Gazargamu kuwa ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, lokacin Andrea yana ɗan shekara 11. Babu yadda za a yi a rubuta wannan kwafin a birnin kafin faɗuwarsa. Iyakar abin da tambari ke iya faɗa ke nan: ba a yi rubutun kafin kaza ba. Ba ya faɗin shekarar da aka yi shi, don takarda na iya yin shekaru a hanya ko a ɗakin ajiyar attajiri kafin alƙalami ya taɓa ta, kuma suna ɗaya ya yi aiki a kan rariya da yawa. Ba ya kuma ƙaryata labarin gado gaba ɗaya. Mai kwafa yakan kwafe har da bayanin ƙarshe na littafin da ya duba, da sunan marubucin farko da garinsa, kuma salon rubutun Barno da zayyanarsa suna bin malami zuwa ɗalibi. Mai yiwuwa ne ƙwarai uwar wannan kwafin daga Gazargamu ta fito.

Na faɗa wa kawu haka da ladabin da ya kamata. Na ce, "Allah gafarta Malam, takardar dai ba ta kai shekara ɗari biyu ba, kuma Nasaran Italiya ne suka yi ta." Ya yi shiru yana duban watan nan a hasken fitila, sannan ya ce shi abin da ke kan takardar ya gada, kuma ko a Makka aka yi ta gara ba za ta bar ta ba. Daga nan ya kawo maganar da ta fi damun sa. Wani ɗansa da ke aiki a birni ya ba da shawarar a kai fallayen Gumel a liƙe kowanne cikin leda da injin zafi, abin da ake kira laminatin, don su daina gutsurewa.

Wannan ita ce ɓarnar da ta fi gara a yau, saboda da kyakkyawar niyya ake yin ta. Takardar tsumma da aka tsoma a danƙon fata tana iya ɗaukar ƙarnuka idan ta sami bushewa da inuwa. Jaridar da muke bugawa, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace mai tsami a jikinsa, ita ce ke yin ja ta karye cikin 'yan shekaru. Zafin injin yana narkar da manne ya shige cikin zaren, ba a kuma iya ɓare ledar ba tare da ta tafi da rubutun ba. Salatif ma haka yake, bayan 'yan shekaru ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Inda aka ga rubutu ya fito ta bayan falle ya yi duhu, ko harafi ya huje kamar an ƙona shi, tawadar ce mai haɗin bagaruwa da ƙarfe take cin takardar, kuma danshi ke ƙara mata ƙarfi. Maganin duk wannan bai wuce a ɗauki hoton kowane falle don masu karatu, a raba na asalin da jikin bango da ƙasa, a riƙa buɗe gafakar ana dubawa kafin damina da bayanta. Kawu ya amince da ɗaukar hoto, da sharaɗin a zaurensa za a yi.

Hanyar da ta kawo waɗannan fallaye ta mutu cikin ɗan lokaci. A 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus hari, a shekarar ce kuma layin dogo ya iso Kano. Zuwa 1930 reshensa ya kai Nguru, ya ratsa ƙasar Gumel ta tashar Gagarawa, takarda ta koma shigowa daga kudu, ta inji, tare da rasit na haraji da littafin elementare. Raƙuma har yau suna cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma a matsayin haja suke zuwa, ba masu ɗaukar ta ba. Sana'ar da kanta sai a 1969 ta iso, lokacin da masana'antar takarda ta Jebba ta fara aiki a bakin Kwara, shekara 1,864 bayan Tsai Lun, ita ma ta teku ta zo, da injuna da injiniyoyinta.